Addu'ar da ɗan ci-rani ya rubuta wa iyalinsa

Tambaya: Malam, Allah ya gafarta. Ni leburan gini ne a Sabha, ƙasar Libiya, shekarata biyu rabona da gida. Na rubuta addu'a da Hausa ina karantawa kullum, a ciki na ce: "Ya Allah, in ka ga dama ka tsare min matata da 'ya'yana, kada ciwo ya taɓa su har abada." Ya halatta? Zan iya yin ta a sujada? Kuma ina cikin matafiyan da ba a mayar da addu'arsu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ya halatta mutum ya tsara addu'a da harshensa, ya rubuta don kada ya manta, matuƙar bai jingina ta ga Annabi (SAW) ba, bai kuma yanka mata adadi ko falala daga kansa ba. Annabi Ibrahim ma da ya bar iyalinsa a kwarin Makka, roƙa musu ya yi, kamar yadda ya zo a Suratu Ibrahim, aya ta 37.

Sai dai wuri biyu na son gyara. Cire "in ka ga dama", domin Bukhari da Muslim sun ruwaito hani a kan cewa "ka gafarta min in ka so". Ana yanke roƙo ne, tunda babu mai tilasta wa Allah. "Kada ciwo ya taɓa su har abada" kuwa ya yi kusa da ƙetare iyaka, don annabawa ma sun yi jinya. Ka ce: "ka ba su lafiya, ka tsare su daga mugun ciwo." Da za ka haɗa da lafazin da Annabi (SAW) yake faɗa in zai yi tafiya, "Allahumma antas sahibu fis safar, wal khalifatu fil ahl", wato Allah ne abokin tafiya, shi ne mai tsaya wa iyali a bayanka, da ya fi.

A sujadar salla, Malikiyya sun karhanta addu'a da wani harshe ga wanda ya iya Larabci. Wanda bai iya ba babu laifi a kansa. Bayan sallama kuwa, yi da Hausarka.

Batun tafiya shi ne 'yan ci-rani suka fi ruɗewa a kai. A mazhabar Malik, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya fita daga hukuncin matafiyi, balle mai shekara biyu, don haka ma ba ka ƙasaru. Amma hadisin Abu Huraira da Tirmizi ya ruwaito ya ambaci mutum uku da ake amsa addu'arsu: wanda aka zalunta, da matafiyi, da mahaifi a kan ɗansa. Kai mahaifi ne, a Sabha kake ko a gida. Addu'ar da kake yi wa uwargida kuma ta shiga hadisin Abud Darda'i a Muslim: wanda ya roƙa wa ɗan'uwansa a bayan idonsa, mala'ika zai ce "amin, kai ma ka samu irinsa."

Wallahu a'alam.