Holi ba ya bin Maris, cikar watan Falguna yake bi

"Jama'ar gida, zan kai Baba Delhi a sake duba masa ƙoda a watan Maris. An ce in kauce wa ranar Holi, amma kalandar wayata ta nuna rana daban, mai yi mana hanya ya faɗi wata daban. Me ya sa bikin nan ba shi da tsayayyar rana, kuma wacce zan ɗauka?"

Allah Ya ba Baba lafiya, ɗan'uwa. Ina karantawa na ji abin a raina, domin duk wanda ya taɓa jinya a Indiya ya san zafin kwana ɗaya da ya tafi a banza, kuɗin masauki na tafiya, maras lafiya yana kwance yana tambaya yaushe za a ga likita. Mai yi maku hanyar nan kuwa, in ya ba ka rana bai gaya maka ko ta daren cinna wuta ce ko ta wasan watsa kala ba, bai gama aikinsa ba. Da yawansu haka suke. Su karɓi kuɗi cif, su kwafo kwanan watan bara su turo maka, ranar da ka sauka ka tarar da gari a rufe sai wayarsu ta daina shiga. Ba su ne za su tsaya bakin titi da tsoho a keken guragu ba, yara na jefo balan-balan cike da ruwan kala daga saman bene. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don sanin ranar bai fi aikin minti biyar ba ga wanda ya damu.

Holi bikin mabiya addinin Hindu ne, yana rataye ne da daren da wata ya cika a Falguna, watan da sanyi ke karyewa a arewacin Indiya, alkama ta fara nuna a gona. Cikar wata suna kiranta Furnima. Shekararsu ta wata ce kamar tamu, wata goma sha biyu, kwana 354 ko kusa da haka, shi ya sa bikin ke ja baya da kwana goma ko sha ɗaya. A 2024 an yi wasan kala ran 25 ga Maris, a 2025 ran 14, a 2026 kuma ran 4 a Delhi. Inda muka rabu da su shi ne mu muna barin wata ya zagaya shekara yadda ya so, azumi ya zo da sanyi ya zo da zafi, su kuwa kusan duk bayan wata talatin da biyu da rabi suna cusa wata na goma sha uku don su dawo da lissafi kan yanayi. A 2023 sun ninka watan Sharawan tsakanin Yuli da Agusta, shi ya sa Holi ya yi tsalle daga 8 ga Maris a 2023 zuwa 25 ga Maris a 2024. Saboda wannan gyaran, da wuya ka ga ya fita daga tsakanin ƙarshen Fabrairu da ƙarshen Maris.

Ga dabara mai sauƙi ga mu da muka saba da duban wata. A lissafinsu rana tana shiga burujin kifi wajen 14 ko 15 ga Maris, kuma watan da wannan ranar ta faɗo a cikinsa, daga ɓatan wata zuwa ɓatan wata, shi ne Falguna. To ka ɗauko kalandar Hijira, ka nemo watan da 15 ga Maris take cikinsa, ka sa yatsa a kan 13, 14 da 15 gare shi. Holi yana cikin waɗannan fararen kwanakin, ko ranar kala ta ƙetare su da kwana ɗaya. Wurin da dabarar za ta iya yaudararka ɗaya ne, in jinjirin wata ya tsaya daf da tsakiyar Maris, domin su suna ƙirgawa daga haɗuwar rana da wata, mu daga gani da ido, akwai tazarar kwana ɗaya ko biyu.

Yanzu dalilin da kalandarku biyu suka saɓa. Kwanan watansu ba daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar rana yake ba. Sun raba zagayen wata gida talatin, kowane gida shi ne lokacin da wata ke ɗauka ya ƙara nisa da rana da digiri 12. A allon waya tithi za ka ga an rubuta. Furnima ita ce gida na goma sha biyar, daga digiri 168 zuwa 180, tana ƙarewa daidai lokacin da wata ya cika fam. Gudun wata ba ɗaya ba ne kullum, don haka gida ɗaya kan yi awa ashirin, wani lokaci ya haura ashirin da shida, kuma yana iya farawa da hantsi ko da la'asar ko tsakar dare. Kusan kullum Furnima tana raba ƙafa a kan kwana biyu na Bature.

Sannan bikin kansa kwana biyu ne. Daren farko ana cinna wuta a mararrabar unguwa, tarin itace da busasshen kashin shanu, don tuna labarinsu na Holika da ta shiga wuta da yaron nan Farahalada, ita ta ƙone shi ya tsira. Wannan shi ne Holika Dahan. Washegari da safe ake watsa kala. Sharaɗin wutar shi ne a kunna ta bayan faɗuwar rana, Furnima tana ciki, kuma an fita daga abin da suke kira Badara. Badara ita ce rabin farko na Furnima, digiri shida na farko, kusan awa goma sha biyu zuwa sha uku, lokacin da suke ɗauka na rashin sa'a ne.

Duba 2025 ka ga yadda yake aiki. Furnima ta shiga ran Alhamis 13 ga Maris wajen ƙarfe 10:35 na safe agogon Indiya, ta fita ran Juma'a 14 ga wata wajen 12:23 na rana. Maraicen Alhamis ne kaɗai ya faɗo a ciki, don haka babu gardama a kan daren wuta. Amma Badara ba ta ƙare ba sai wajen 11:26 na dare, sai aka jira, aka kunna wuta gab da tsakar dare. Kala ta kama ran Juma'a, ga shi ana cikin azumi, 13 ga Ramadan a lissafin Indiya, har masallatai da dama a Uttar Faradesh suka ɗaga sallar Juma'a zuwa ƙarfe biyu don masallata su wuce lafiya. Shekara ce mai sauƙin lissafi.

2026 ce ta rikita mutane. Furnima ta shiga ran 2 ga Maris wajen 5:55 na yamma, ta fita ran 3 wajen 5:07 na yamma, tun rana ba ta faɗi ba. Daren 2 ga wata Furnima tana nan amma Badara ta cinye shi har asuba. Maraicen 3 ga wata babu Badara, amma ita Furnimar ma ta wuce, ga husufin wata a wannan yammacin. Masanansu suka rabu. A Mumbai hutun kala ya kama 3 ga wata, a Delhi 4 ga wata. Kowace kalanda da hujjarta, kuma irin wannan ne ke sa waya ta ce kaza, mutum ya ce kaza. In 2027 za ku je, wata zai cika ran 22 ga Maris da la'asar agogon Indiya, yanayin ya yi kama da na 2026, don haka ka soke 21, 22 da 23 gaba ɗaya daga lissafin ganin likita. Tsakiyar Shawwal ke nan, bayan ƙaramar sallah da mako biyu.

Gari ma yana canza amsar. A Kolkata da Odisha ranar cikar watan ita ce babbar rana, Dol Jatara suke ce mata. A Katmandu ana yi ranar Furnima, yankin Tarai na kudancin Nefal sai washegari. Barsana da Nandagawon, kusa da Matura, suna farawa tun saura kusan mako guda, Indor kuma tana da wani wasan kalar, Ranga Fancami, kwana biyar bayan cikar wata. Wanda zai je Cennai ko Kerala ba zai ga abin da yawa ba. Kai da Delhi za ka, ka rubuta wannan a waya, ka sauya shekarar in da buƙata:

Holika Dahan muhurat 2027 Delhi

Ka tabbata shafin yana kan Delhi, don wasu suna juya lokacin zuwa agogon inda kake zaune. Indiya tana gabanmu da awa huɗu da rabi, abin da ya shiga ƙarfe biyun dare a can mu nan jiya ne da tara da rabi, kwanan wata ya riga ya bambanta. Wani abin da ke ruɗa mutane, za ka iya ganin an rubuta ranar kala a matsayin 1 ga Caitira a kalandar arewa, alhali ta Maharashtira da kudu tana cewa har yanzu Falguna ake ciki. Arewa tana rufe wata ne da cikarsa, su kuma da ɓatansa. Rana ɗaya ce, suna ne biyu.

Don Allah kada ku sauka da safiyar ranar kala. Daga hantsi zuwa bayan azahar shaguna a rufe suke, tasi tana wuya, jirgin ƙasan cikin garin Delhi a shekarun nan ba ya fara aiki sai 2:30 na rana. Sashen gaggawa na asibiti yana buɗe, amma ganin likita na yau da kullum da gwaje-gwaje galibi hutu ne. In Baba yana wankin ƙoda, wannan ne ya fi damuna, ka kira sashen tun mako guda kafin ranar, ka sa su gaya maka da bakinsu ko za su matso da zamansa gaba ko baya, ka nemi su turo a rubuce. Magani da ruwan sha da abinci ka saye su tun jajibiri.

In fita ta zama dole, tsofaffin kaya, tabarau, a shafe fuska da hannu da gashi da man kwakwa, gilashin mota a rufe. Garin kala mai laushi da ake kira gulal yana fita da ruwan sanyi, amma akwai mai ƙyalli kamar azurfa da wani kore mai duhu da kan kama fata kwanaki, yana sa ƙaiƙayi, ruwan zafi kuma ƙara zaunar da shi yake yi. Fasfo da takardun asibiti a leda. Kuma in maƙwabci ya miƙo maku madarar nan mai sanyi da ake kira tandai, ku tambaya ko da bang a ciki kafin kowa ya kai baki, don ganyen wiwi ne ake niƙawa a zuba, a ido kuma ba lalle ka bambance ba.

Daga la'asar gari yakan lafa, mutane sun yi wanka sun sa sababbin kaya suna ziyarar dangi. In jirginku zai sauka da dare ne a ranar, babu damuwa, ka dai sa masaukinku ya turo mota tun da wuri.