Wane hoto zan ɗora, tunda ana maido min da kaya?

Tambaya: Malam, ina sayar da leshi da atamfa daga Agege, a kasuwar Balogun nake saro su. Kowane yadi nakan yi masa hoto biyar, in zaɓi wanda ya fi sheƙi. Amma sau uku ke nan ana maido min da kaya, wai ba kalar da suka gani ba ce. Kuɗin mai kai saƙo kawai nake asara. Yaya zan riƙa zaɓa?

Amsa: Hajiya, wannan sheƙin shi ne ya jawo miki. Kullum sai na yi fama da masu cewa hoton da ya fi ɗaukar ido shi ya fi kyau, kuma laifin na masu koyar da "gyaran hoto" ne a waya, da ke ce wa mutane su ƙara kala har ta yi kuka. Mai saye yadi take so ta ɗinka. Idan kika nuna mata ja mai ƙuna, ta buɗe leda ta ga ja mai duhu, ta ga an yaudare ta ko da ba ki yi niyya ba. Wayar ma tana taya ki ɓata: yawancin wayoyin Samsung suna zuwa da allonsu a kan Vivid, wanda ke ƙara wa komai kala. Mayar da ita Natural, ki kashe abin rage hasken dare, sannan ki fara kwatanta.

Ki sa farar takarda a gefen yadin kafin ki ɗauka. Wata ta kawo min hoto uku na leshi ruwan hoda. Na farko a shago ne, ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ɗorawa-ɗorawa. Takardar ta yi kamar tsohuwar jarida, leshin ya koma ruwan goro. Na biyu kusa da koren bango, takardar ta ɗauki kore. Na uku a inuwa bakin ƙofa da hantsi, takardar fara tas, kuma da muka ɗora yadin kusa da waya, kalar ɗaya ce. Shi ta fi raina, shi kuma muka ɗora.

Bayan kala, ja hoton da yatsu biyu a kan wuri guda a dukansu. Wanda kike ganin zare da bakin duwatsun leshin shi ne mai kyau; wanda ya yi sumul kamar an shafa masa mai, hannu ya girgiza ko haske ya yi kaɗan. Kada ki yi wannan gwajin da hoton da aka turo ta WhatsApp, domin yana matse hoto, sai dai in an turo shi ta Document.

Abin sawa a bayan yadin kuma, farin kwali ko farin zane da aka goge ya isa. Duk hoton da takalmi, wayar caja ko tayil mai zane ya leƙo, cire shi tun farko. Ki lura, farin baya kan sa waya ta rage haske, yadi ya yi duhu. Taɓa kan yadin a allo, ki ɗan ɗaga hasken har ya yi daidai da wanda ke hannunki.