Me ya sa ake cire "sakaci" daga rahoton aukuwar haɗari?

"Shugabar ɗakinmu ta dawo mini da rahoton majinyacin da ya faɗo daga gado, wai in cire 'sakaci' da 'abin takaici'. Idan gaskiya ce, don me ba zan rubuta ba?"

'Yar'uwa, ni ma an taɓa dawo mini da nawa a wani asibiti da na yi aiki, kuma a kan faɗuwa ne. Na rubuta cewa saboda sakacin mai aikin dare, wani dattijo ya faɗo daga gado. Wadda ta horar da ni ta tambaye ni ko da idona na ga sakacin, sai na rasa amsa, domin abin da na gani shi ne mutum a ƙasa da ƙarfen gefen gado a sauke. Na sake rubutawa: "Da ƙarfe 2:40 na dare na tarar da majinyacin gado na 7 zaune a ƙasa, ƙarfen gefen hagu a sauke, da ƙujewa a gwiwar hannun dama. Na sanar da likita da ƙarfe 2:45." Ko "ya faɗo" ban sa ba, tunda ban ga faɗowar ba.

Wannan jimla ce ta sa aka je aka duba gadon, aka tarar makullin ƙarfen ya lalace, da an jingina sai ya sauka da kansa. Da "sakaci" ta tsaya a takardar, da an ja wa baiwar Allah kunne an rufe magana, gadon kuma yana nan yana jiran wani. Kalmar hukunci ce, kuma mai rahoto shaida ne, bincike bai ma fara ba. Ga shi kuma duk wanda ya ga an damƙa abokin aikinsa a rubuce, gobe zai ɓoye nasa kuskuren. Masu jiragen sama sun daɗe da gane haka, har dokar binciken haɗari ta hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, ta fayyace cewa manufar bincike hana sake aukuwa ce, ba ɗora laifi ba.

Kalmomin da suka fi zamewa su ne masu shiga zuciyar mutum. "Ta manta ba ta ba shi magani ba" zato ne, sai ki ce "babu sa hannu a gurbin maganin ƙarfe 10:00." "Ya ƙi zuwa" ta koma "an kira likita da 3:10 da 3:25, ya iso da 3:50." Maimakon "majinyacin ya yi rashin kunya", ki kawo maganarsa yadda ya faɗe ta, cikin alamar zance. "Abin takaici" kuwa shafe ta kawai ake yi, ba ta da madadi.

Sai dai ki kula da "an", domin a Hausa tana da saurin ɓoye mai aiki. Inda kika san wanda ya yi abu, ki ambace shi da matsayinsa, ko da ke ce: "Na ba shi allurar da ƙarfe 6:00, takarda ta nuna 8:00."