Fassara takardun neman aiki daga Hausa zuwa Turanci: me za a miƙa wa mai fassara?

Tambaya: Malam, shekarata 9 a Kantin Kwari. Na fara a matsayin yaron shago, yanzu ni ke riƙe da siton maigidana na atamfa. Na ga tallar aikin kula da sito a Dubai, na rubuta wasiƙar neman aiki da tarihin aikina da Hausa, wani mai shagon kwamfuta ya ce zai fassara mini. In ba shi kuɗin, ko akwai abin da zan duba tukuna?

Amsa: Malam, kada ka biya tukuna, domin aikin da ke gabanka ya wuce sauya kalmomi. Idan mai fassara ya bi rubutunka kalma bayan kalma, zai mayar da "yaron shago" zuwa "shop boy", wanda mai ɗaukar aiki zai fahimta a matsayin ɗan aike mai share bakin shago, alhali duk wanda ya san Kwari ya san cewa yaron shago yana iya zama magidanci mai shekara 40 da ke riƙe da makullan dukiya mai yawa. Haka "maigida" yana iya fitowa da ma'anar mai gidan haya. Abin da ya dace shi ne a raba shekarunka gida biyu a takardar tarihin aikin, wato CV: shekarun tsayuwa a shago a ƙarƙashin "Sales Assistant", na sito kuma a ƙarƙashin "Storekeeper", kowanne da watan farawa da na gamawa, na baya-bayan nan a sama.

A ƙarƙashin kowane muƙami, ka rubuta wa mai fassara abin da hannunka ke yi, da adadi. "Ina kula da kaya da amana" magana ce mai nauyi a wurinmu, amma ba ta nuna wa baƙo komai. A ce motar kaya tana sauke maka dila 30 a mako, kana ƙirgawa, kana gwada adadin da abin da ke takardar kaya, kana shigarwa a littafi, kana fitar wa shaguna uku, kuma yara huɗu suna aiki a ƙarƙashinka. Wannan shi ne zai shiga. Kalmar "turmi" kuwa a bayyana ta da cewa yadi 6 ne na atamfa, don na taɓa ganin takardar da aka fassara shi da turmin daka.

Ina ba ka shawarar ka auna aikinka da dila da turmi maimakon naira. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500, saboda haka cinikin da ya ninka a naira yana iya zama ya ragu a idon mai lissafi da dala, kuma ba za ka so a fara wannan muhawarar da kai a wurin ganawa ba.

Ita wasiƙar, sai an sake mata gini gaba ɗaya. Doguwar gaisuwa da "ina roƙon a taimaka mini saboda nauyin iyali" ladabi ne a Kano, amma a Turancin neman aiki suna karantuwa kamar bara. Jimlar farko ta faɗi aikin da kake nema da inda ka ga tallarsa, sannan a ɗauko abubuwa biyu ko uku da tallar ta nema a nuna inda ka yi su, duka cikin shafi guda.

Sai suna. Ka kai fasfonka a kwafi sunan harafi bayan harafi, domin idan fasfo ya ce Muhammad, CV ta ce Mohammed, takardar sakandare kuma ta sa sunan unguwa a ƙarshe, bambancin yakan dawo ya tsaya maka a lokacin biza. CV da wasiƙa ba sa buƙatar hatimin kowa, saboda haka kada a karɓi kuɗinka da sunan tantance su. Takardun shaida ne ake neman tantancewa a kansu.

Wajen biya, ka ba da rabi, ka karɓi aikin a fayil ɗin Word da za a iya gyarawa tare da PDF na aikawa, sannan ka kai wa wani mai jin Turanci wanda bai ga rubutunka na Hausa ba ya mayar maka da shi Hausa da baki. Duk inda ka ji abin da ba ka yi ba, ko kalmar da ba za ka iya bayaninta da Turancinka ba idan masu ɗaukar aikin suka kira ka ta bidiyo, ka sa alama a gyara, sannan ka cika wa mai fassarar ragowar kuɗinsa.