Lissafin matsakaicin lokacin jira a tsarin raun-robin

"Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne ni a nan Katsina. An ba mu wannan aikin na raun-robin, kwantam 2, AT lokacin isowar kowane aiki ne, BT kuma tsawonsa. Ni 3.75 nake samu, malaminmu ya ce 4.25 ne. Don Allah ina kuskuren yake?"

```
     AT  BT
P1   0   5
P2   1   3
P3   2   1
P4   4   2
```

Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminku ya yi daidai, kuma daga ganin 3.75 na san inda ka kauce: ka yi ta zagaye P1, P2, P3, P4 bisa jerin lambarsu. Raun-robin, wato tsarin da ayyuka ke karɓa-karɓar CPU, kowa da ɗan lokacinsa da ake kira kwantam, ba ruwansa da lamba, layi yake bi. Kamar wurin markaɗe ne da mai inji ya ce kowa kwano biyu za a yi masa, mai saura ya koma bayan layi, wanda bai iso ba kuwa ba a riƙe masa wuri.

Don haka kada ka zana jadawalin lokaci shi kaɗai, ka riƙa rubuta layin a gefe duk sanda aka karɓe CPU daga wani aiki. A lokaci 0 P1 kaɗai ke nan, sai ya yi aiki zuwa 2, saura 3. Kafin nan P2 ya iso a 1, P3 kuma ya iso daidai a 2, lokacin da kwantam ɗin P1 ya ƙare. Ƙa'idar da aka fi bi a irin wannan lissafi ita ce sabon zuwa ya fara shiga layi, sannan wanda aka sauke. Layi ya zama P2, P3, P1.

P2 ya yi daga 2 zuwa 4, saura 1. Daidai 4 ɗin nan P4 ya iso. To ka lura, P1 yana tsaye a layi tun lokaci 2, saboda haka P4 bayansa zai tsaya, layin ya koma P3, P1, P4, P2. A nan ne ka zame, ka ba P4 wuri gaban P1. P3 kuwa 1 kawai yake buƙata, ya gama a 5, kuma CPU ba ya zaman jiran ragowar kwantam ɗin, nan take P1 ya hau. Sauran babu wuya:

```
P1 0-2 | P2 2-4 | P3 4-5 | P1 5-7
P4 7-9 | P2 9-10 | P1 10-11
```

Lokacin jiran kowane aiki, WT, shi ne lokacin gamawarsa, CT, a cire lokacin isowa, a kuma cire tsawon aikin kansa:

```
WT = CT - AT - BT
P1: 11 - 0 - 5 = 6
P2: 10 - 1 - 3 = 6
P3:  5 - 2 - 1 = 2
P4:  9 - 4 - 2 = 3
17 / 4 = 4.25
```

A naka lissafin P4 ya gama a 7 maimakon 9, jiransa ya zama 1, jimla 15, shi ya ba ka 3.75.

Ka saba da gwada kanka kafin ka miƙa takarda. Jimlar BT a nan 11 ce, kuma CPU bai taɓa zama babu aiki ba, don haka dole jadawalin ya ƙare a 11. Sannan ka ɗauki aiki ɗaya ka ƙirga giɓinsa da ido: P1 ya jira daga 2 zuwa 5, ya sake jira daga 7 zuwa 10, shida ke nan. Sai dai wannan gwajin ba zai kama kuskuren layi ba, don naka ma a 11 ya ƙare. Rubuta layin ne kawai maganinsa.

Batun wa ke fara shiga idan an yi karo kuwa, yarjejeniya ce, ba dokar lissafi ba. Da a ce wanda aka sauke ne ke fara komawa layi, P1 zai sake hawa daga 4 zuwa 6, P3 ya gama a 7, P2 a 8, P4 a 10, matsakaicin ya fito 4.5. Idan tambayar jarrabawa ba ta fayyace ba, rubuta ƙa'idar da ka bi a saman amsarka.

In kana so ka ga tasirin kwantam, mayar da shi 5. Babu wanda za a sauke, tsarin ya koma na wanda ya riga zuwa shi ake fara sallama, jira ya zama 0, 4, 6 da 5, matsakaici 3.75. Dacewa ce kawai ta sa ya yi daidai da amsarka, kada ka ce ka ci! Matsakaicin ya ragu, amma P3 mai ɗan aikin 1 sai a lokaci 8 zai taɓa CPU, alhali da kwantam 2 tun a 4 ya samu. Abin da raun-robin ke saya ke nan, saurin amsawa. Ƙanƙanta kwantam ma yana da kuɗinsa: jadawalinmu ya sauya aiki sau shida, mun ɗauka kyauta ne, amma a ainihin kwamfuta kowane sauyi sai an adana bayanan wanda ya sauka an ɗora na mai hawa. Idan tambaya ta ba ka lokacin sauyi, sa shi tsakanin kowane aiki biyu a jadawalin kafin ka fitar da CT.