Tambayoyi da Amsoshi: Lambar ƙarshe a T.TEST ce ta kusa kayar da bincikenki

Tambaya: Malam, na gwada wata dabarar koyar da karatu a kan yara 10 'yan aji huɗu. Matsakaicin makinsu kafin a fara 46 ne, bayan mako shida ya zama 50. Na sa `=T.TEST(B2:B11,C2:C11,2,2)` a Excel, ya ba ni 0.52. Ke nan dabarar ba ta yi aiki ba? Ga makin na haɗo. (Wata ɗalibar digiri na biyu, daga Zariya)

Amsa: Malama, ki dakata da rubuta babi na biyar, ba dabarar ce ta gaza ba tukuna. Lambar ƙarshe da kika sa ce ba daidai ba, kuma wannan kuskuren yana ƙona min rai, domin duk lokacin kare kundi sai an turo min shi. Ga makin da kika aiko:

```
kafin: 30 42 55 38 61 47 25 70 52 40
bayan: 34 48 57 43 64 54 29 71 57 43
```

Da kika sa 2 a ƙarshe, kin faɗa wa Excel cewa rukuni biyu ne na yara daban, waɗanda ba su san juna ba. Shi kuwa sai ya ga wani yana da 25, wani yana da 70, ya ce ƙarin maki 4 a cikin wannan tazara ba komai ba ne. Alhali yaran nan su ne dai aka auna sau biyu. Mai 25 da kansa za a kwatanta shi, ba da mai 70 ba. Ki sa 1:

```
=T.TEST(B2:B11,C2:C11,2,1)
```

Kafin ki yarda da na'ura, ki buɗe layi na uku ki cire makin farko daga na biyu ga kowane yaro. Ni ba na taɓa tsallake wannan. Za ki samu 4, 6, 2, 5, 3, 7, 4, 1, 5, 3. Duba da kyau: babu yaro ko ɗaya da ya koma baya. Matsakaicin ƙarin 4 ne, `STDEV.S` ɗinsa 1.826. Ki raba 1.826 da `SQRT(10)`, ki samu 0.577, sannan ki raba 4 da shi, t ya fito 6.93. Da yara 10, df ɗinki 9 ne, kuma a matakin 0.05 abin da ake bukata t ya wuce 2.262. Naki ya ninka shi sau uku.

A teburinki ki sa adadin yara, matsakaici da SD na kowane gwaji (46.0 da 13.87, sai 50.0 da 13.12), sannan wannan layin:

```
t(9) = 6.93, p < .001, 95% CI [2.69, 5.31]
```

Don Allah kada ki jera layi ɗaya da Sort ki bar ɗayan. Matsakaici ba zai canza ba, shi ya sa ba a ganewa, amma makin wani yaro ya koma gaban sunan wani, lissafin duka ya lalace. Yaron da ya yi gwaji ɗaya kawai kuma ki cire shi, ki faɗi guda nawa kika cire. Kada ki ba shi sifili.

Saura abin da mai duba aikinki zai tare ki da shi. Lissafin nan ya nuna maki ya ƙaru fiye da yadda dace kawai zai kawo, amma bai ce dabararki ce ta ƙara shi ba. A mako shida yaran suna zuwa sauran darussa, kuma idan takarda ɗaya kika ba su sau biyu, wasu sun tuna tambayoyin. Tunda ba ki da wani ajin da aka bari a kan tsohuwar hanya don kwatantawa, ki rubuta "maki ya ƙaru bayan amfani da dabarar", kada ki rubuta "dabarar ta jawo ƙarin maki".

Tambaya: SPSS ya ba ni t = -4.10. Na yi kuskure ne? (Ɗalibi daga Katsina)

Amsa: A'a. A Paired-Samples T Test, yana cire Variable2 daga Variable1 ne. Ka sa gwajin farko a gaba, maki kuma ya ƙaru, dole ka ga alamar ragi. Ka sauya musu wuri in tana hana ka barci.

Tambaya: A ƙarƙashin Sig. (2-tailed) na ga .000, haka zan kwafa? (Malamin firamare, daga Gusau)

Amsa: Kada ka kwafa. Lambar ƙarama ce ƙwarai, aka yanke ta a gurbi uku, amma ba sifili ba ce. Rubuta `p < .001`.

Tambaya: Ba ni da kwamfuta, zan iya yi a waya?

Amsa: Sauke Google Sheets, `T.TEST` yana aiki a ciki kamar yadda na rubuta a sama. Sai dai p kaɗai zai ba ka, t ɗin ka lissafa shi daga layin bambanci.