Kada ka ba wuta iska kafin ruwanka ya iso

"Oga, jiya da mu 'yan kwana-kwana muka je kashe gobara a shagon mai katifu, na ɗauko guduma zan fasa ƙofa ka daka mini tsawa, ga mutane suna ta zaginmu wai mun tsaya kallo. Mene ne filashoba da bakdiraf ɗin da kake yawan faɗa? Kuma me ya sa sai an bi tsari kafin a buɗe ƙofa?"

Ɗana, ka taɓa ganin mai shayi ya kifa kwano a kan garwashi? Garwashin na nan da zafinsa, numfashi kawai aka hana shi. Ɗaga kwanon ka sa mafici, ka ga yadda zai tashi. Shagon jiya haka yake, sai dai a madadin gawayi, soso ne cike har silin.

Bari in fara da filashoba, don ita ce za ka fi haɗuwa da ita. Wuta ta kama kujera a ɗakin da ke samun iska. Hayaƙi ya tashi ya tokare da silin, ya bazu, ya fara saukowa yana ƙara kauri. Wannan hayaƙin da kake gani baƙi ƙirin makamashi ne da bai gama ƙonewa ba, kuma zafinsa yana gasa duk abin da ke ƙasa kamar yadda mai suya ke gasa nama ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba. Labule, kafet, kabad, kowanne ya fara fitar da nasa tururin. Idan zafin sama ya kai wajen digiri 600 a ma'aunin Salshiyos, sai komai ya kama kusan lokaci ɗaya, cikin 'yan daƙiƙoƙi. Kayan da ke jikinka ba a ɗinka su don su jure wannan ba.

Tana yin gargaɗi, ga mai kula. Hayaƙi zai sauko har ya kai maka ƙugu. Zafi zai durƙusar da kai ko ba ka yi niyya ba. Sai ka ga harsunan wuta suna birgima a cikin hayaƙin sama da kanka, suna bayyana suna ɓacewa. In ka ga haka, ɗaga bakin mesa sama ka sanyaya hayaƙin, in zafin bai ragu ba ka ja da baya. Kuma lokacin da muke da shi ya ragu sosai. A gwajin da cibiyar gwaje-gwajen kariya ta UL da ke Amurka ta yi, ɗakin da aka cika da kayan zamani na soso da roba ya kama gaba ɗaya cikin ƙasa da minti 5, na kayan da, katako da auduga, ya kai kusan minti 30.

Bakdiraf kuwa ta ɗakin da ke rufe ruf ce. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. Wuta ta ci ta ci har ya sauka wajen kashi 15, sai harshenta ya kwanta. Amma zafi bai tafi ba, soso yana ci gaba da narkewa yana cika ɗakin da gas mai kamawa. Abu ɗaya kawai ya rage, shi ne wanda gudumarka za ta kawo. Ka buɗe ƙofa, iska mai sanyi ta shiga ta ƙasa, ta gauraya da gas ɗin, ta iske garwashi, sai curin wuta ya fito ta ƙofar da ka buɗe. Mugun abin shi ne ba nan take take tashi ba. Takan yi jinkiri na 'yan daƙiƙoƙi, daidai lokacin da mutum zai ce ai ba komai ya sa ƙafa.

Ka tuna abin da na nuna maka a ƙasan ƙofar ƙarfen nan? Hayaƙi ruwan ƙasa-ƙasa, yana fitowa yana komawa kamar shagon yana numfashi. Fentin ƙofar ya kumbura. Gilashin 'yar tagar sama ya yi baƙi da maiƙo, kuma babu harshen wuta ko ɗaya. Shagon da aka kulle tun magariba, wayar lantarki ta kama cikin dare, ya samu duk lokacin da yake bukata ya dahu.

A ranar 28 ga Maris 1994, a gida mai lamba 62 a titin Watts da ke New York, an bar ledar shara a kan murhun gas a wani sashe da ke rufe. 'Yan kwana-kwana suka iso, wasu suka hau bene na sama don duba ko akwai mutane, wasu suka ɓalle ƙofar sashen da ke ƙasa. Wutar da ta fito ta cika matakalar, ta yi fiye da minti 6 tana ci, ta hau kan waɗanda ke sama. Mutum 3 suka rasu. Lura da kyau, waɗanda suka buɗe ƙofar ba su ne suka mutu ba. Wuta tana bin hanya daga inda iska ke shiga zuwa inda hayaƙi ke fita, kuma duk wanda ke tsakani yana cikin bututun hayaƙi ne.

Dalilin bin tsarin ke nan. Kafin komai, mutum ɗaya ya zagaya ginin, ya ga inda wutar take, waɗanne tagogi suka fashe, iska ta ina take kaɗawa. Da hunturu wannan ba wasa ba ne, domin tagar da ta fashe ta ɓangaren da iska ke bugowa tana iya turo wutar gaba ɗaya kan masu shiga. Sannan mesa ta cika da ruwa, a gwada ta, a ga ƙarfinta. Sai a zo ƙofa a durƙushe, daga gefe, bango ya kare ka. A buɗe ta kamar faɗin tafin hannu, a harba ruwa sama a taƙaice, a mayar a rufe, a jira kaɗan, a sake. Ruwa in ya zama tururi yana kumbura sau kusan 1,700, yana kwashe zafi. Idan an shiga, mutum ɗaya ya tsaya yana riƙe ƙofar daidai kaurin mesa. Aikin da sababbi ke rainawa ke nan, ni kuwa ba na ba wa kowa shi sai wanda na yarda da hankalinsa.

Sai ruwa ya hau kan wutar kanta sannan a buɗe wa hayaƙi mafita, a sama, kusa da wutar, ta ɓangaren da iska ke fita, kuma sai shugaban aiki ya ba da umarni bayan ya san inda kowa yake. Ba a fasa taga a bayan mutanen da ke ciki. Inda ake zargin bakdiraf kuma babu kowa a ciki, ƙofa ce ta ƙarshe. Ko a huda rufi gas ɗin ya fita ta sama, ko a yi ƙaramar kafa a zura ruwa a sanyaya. Jiya na biyun muka yi, don rufin kwano da katakonsa ya sha zafi ba na ɗora mutum a kansa.

Game da zagin kuwa, masu shi dukiyarsu ce ke ci, ba na ganin laifinsu. Amma sau da yawa kafin mu iso maƙwabta sun riga sun ɓalle ƙofa da niyyar taimako, mu tarar wutar shago ɗaya ta zama ta layi guda. Gobe da safe ka zo da kwalin katako da ashana bayan ofis, mu kunna, mu rufe, ka ga numfashin nan da idonka kafin in bar ka ka riƙe ƙofa.